Fayil Lafiya Ƙalau, Suna Ya Hana Shi Wucewa

Duk mai kwashe takardu daga wata kwamfuta zuwa wata ya san irin ranar da aiki ke tsayawa ba tare da wani dalili na zahiri ba. Filash sabo ne, akwai wuri a cikinsa, fayil ɗin kuma yana buɗuwa sarai a inda yake zaune, amma da an zo kwafa sai kwamfuta ta ƙi. Mutane sukan ɗora laifin a kan bairos, ko su ce filash ɗin jabu ne. Sau da yawa kuwa babu abin da ya sami fayil ɗin. Sunansa ne bai samu karɓuwa ba a inda ake son kai shi.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne sunan fayil ba ya cikin fayil ɗin. Hoto ko wasiƙa ko karatun malami da aka naɗa, kowanne tarin lambobi ne da aka jibge a wani gefe na faifai. Sunan kuwa yana wani wuri daban, a cikin wani jadawali da faifan ke riƙe da shi, kamar dai yadda mai tsaron sito ke da littafin rajista: buhu yana ciki, sunan mai shi yana littafi. Idan aka ɗauke kaya daga wannan sito zuwa wancan, dole a sake rubuta sunan a littafin can, bisa ƙa'idar can. Windows na amfani da tsarin ajiya mai suna NTFS, yawancin kwamfutocin Linux na amfani da ext4, na kamfanin Apple kuma APFS, yayin da filash da katin waya sukan zo da FAT32 ko exFAT. Kowanne da irin sunan da ya yarda a rubuta masa da wanda bai yarda ba.

Don mu ga abin da idonmu, mu ƙaddara wata makaranta tana da fayil 1,200 a tsohuwar kwamfutar ofis mai Linux: sakamakon jarrabawa, hotunan ɗalibai, da muryoyin tarurruka da aka naɗa. An sayo sabuwa mai Windows, aka ce sakatare ya kwashe komai ta filash. Ya kwafa, ya cire, ya soka, ya sake kwafa. Da za a ƙirga abin da ya isa, sai a tarar 1,187 ne. Sha uku sun maƙale a hanya, kuma ba dalili ɗaya ne ya tare su ba.

Shida na farko tun a bakin filash suka tsaya, kuma kwamfuta ta yi magana a kansu. Muryoyin taro ne da manhajar naɗa sauti ta raɗa wa suna da lokaci, irin su `Taro 10:30.mp3`, da wata takarda da wani ya kira `Wa ya biya?.docx`. Linux bai ga aibin waɗannan sunaye ba, domin shi abu biyu kacal ya hana: alamar `/` da yake raba folda da ita, da wata lambar sifili da ba a ma iya buga ta a kibod. Komai ban da su halal ne. Windows kuwa ya haramta alamomi tara, kuma FAT32 da exFAT, da yake daga gidan Microsoft suka fito, haramcin ya bi su:

```
< > : " / \ | ? *
```

Ba son kai ya kawo wannan ba, gado ne daga MS-DOS na shekarar 1981. A can, ruwa biyu aikinsa nuna faifai, kamar `C:`, tauraro da alamar tambaya kuma ana neman fayiloli da su, sauran suna da nasu aikin wajen ba kwamfuta umarni. Da aka ƙara tsarin folda a DOS a 1983, an riga an ba `/` wani aiki, sai aka ɗauki `\` ta zama mai raba folda. Shi ya sa har gobe adireshin fayil a Windows ke jingina baya, na Linux ke jingina gaba. Mai kwafa daga Linux zuwa filash abin da zai gani a allo shi ne `Invalid argument`, maganar da ba ta gaya masa komai game da ruwa biyun da ke cikin sunan.

Ruwa biyu na da wata illa ta daban idan har ya kai ga NTFS. A wannan tsarin, abin da ya biyo bayan ruwa biyu ana ɗaukarsa sunan wani ɓoyayyen sashe ne da ke maƙale da fayil. Saboda haka manhajar da ba ta kula ba, idan ta je rubuta `Taro 10:30.mp3`, sai a wayi gari da fayil mai suna `Taro 10` wanda girmansa sifili ne, sautin kuma ya shige ɓoyayyen sashen da ba ya bayyana a folda. Wanda ya ga fayil babu nauyi, sunansa ya yanke daidai inda ya kamata a ga ruwa biyu, to ya san abin da ya faru.

Kwamfutar Apple tana da nata tarihin. Tsohon tsarin Macintosh na 1984 da ruwa biyu yake raba folda, sabon tsarin da ya fito a 2001 kuma an gina shi a kan Unix mai amfani da `/`. Sulhun da aka yi shi ne Finder, wato manhajar duba fayiloli, ta hana ka rubuta ruwa biyu amma ta bar ka ka rubuta `/`, sannan a ƙarƙashi ta ajiye shi a matsayin ruwa biyu. Mai Mac da ya sa wa rahoto suna `12/03/2023` ya ga komai daidai a allonsa, alhali abin da ke faifai `12:03:2023` ne, kuma kowanne daga cikin biyun Windows ba ya karɓa.

Akwai kuma sunayen da Windows ya keɓe tun zamanin DOS ga na'urori kamar firinta da allo: `CON`, `PRN`, `AUX`, `NUL`, da `COM1` zuwa `COM9`, da `LPT1` zuwa `LPT9`. Ba a raɗa wa folda ko fayil su. Haka nan sunan da ya ƙare da aya ko da fili, Windows yakan guntule ƙarshen. Idan irin wannan fayil ya shigo daga Linux da ayarsa, sai ya zauna daram a folda ana kallonsa, a zo buɗewa ko gogewa a ce `Could not find this item`, domin Windows ya je neman sunan da babu aya a ƙarshensa.

Waɗannan shida da sauƙi, tun da sun yi ƙara. Huɗu na gaba su ne abin tsoro.

Babban baƙi da ƙaramin baƙi

A wurin Linux, `Musa.jpg` da `musa.jpg` fayiloli biyu ne da ba su haɗa komai ba, kuma suna iya zama a folda ɗaya shekara da shekaru. Dalilin kuwa shi ne Linux, kamar kakansa Unix da aka fara a dakin binciken Bell Labs a 1969, ba ya kallon suna a matsayin haruffa. Lambobi yake gani a jere. Babban M lambarsa 77, ƙaramin m lambarsa 109, don haka sunayen sun bambanta, magana ta ƙare. Windows da macOS, a yadda suke zuwa daga kanti, suna ajiye sunan yadda ka rubuta shi, babban baƙi ya zauna babba, amma wajen nema da kwatantawa ba sa bambanta su. Filash mai FAT32 ko exFAT ma haka yake.

To, a makarantarmu, mai ɗaukar hoto na bara ya ajiye `Musa.jpg`, malamin aji na bana ya ƙara `musa.jpg`, kuma Musa biyu ne daban, ɗaya ya gama ɗaya yana aji uku. Da aka zo kwafa, na farko ya shiga filash lafiya. Da na biyu ya zo, filash ya ce ai akwai mai wannan sunan, sai aka zuba sabon hoton a kan tsohon. Idan da umarnin `cp` aka yi kwafin, ko uffan ba zai ce ba, domin haka aka gina shi, ya rubuta a kan abin da ya tarar. Idan kuma da linzami aka ja folda, za a fito da tambaya ko a maye gurbin wanda ke nan, kuma mutumin da ya gaji da jira, ya san filash ɗin fanko ne, yawanci zai danna a maye gurbin duka ya ci gaba da harkarsa. Ta kowace hanya dai hoto ɗaya ya tafi. Folda tana nan cike, sunan Musa yana nan, babu saƙon kuskure. Ba za a gane ba sai ranar da aka zo buga katin shaida aka ga fuskar wani yaro a kan sunan wani, kuma wataƙila a lokacin an riga an goge tsohuwar kwamfutar an ba da ita.

A ganina wannan ita ce matsalar da ta fi cancantar a ji tsoronta a duk wannan fanni, kuma maganinta bai fi minti ɗaya ba: a ƙirga. A Windows, a danna folda da maɓallin dama a zaɓi `Properties`, za a ga adadin fayiloli. A Linux ko Mac ga umarnin ƙirga, da na biyu da ke fito da sunayen da baƙi ne kawai ya raba su a Linux:

```
find . -type f | wc -l
find . | sort -f | uniq -Di
```

Idan lambar can da ta nan ba su zo ɗaya ba, kada a taɓa asalin kayan sai an gano inda gibin yake.

Ba ƙananan ofisoshi kaɗai abin ke ci ba. A cikin rubutun ginin Linux ɗin kansa akwai fayiloli irin `xt_CONNMARK.h` da `xt_connmark.h` zaune a folda ɗaya, kuma duk wanda ya sauke wannan rubutu a Windows ko Mac yadda suke sai ɗaya ya danne ɗaya. Masu gina shafukan intanet kuma sun san juyin wannan matsala. Mutum ya haɗa shafi a kwamfutarsa mai Windows, ya kira hoto da `Tambari.JPG` alhali ainihin sunan `tambari.jpg` ne, komai ya fito masa daidai. Da ya ɗora shi a babbar kwamfutar da ke riƙe shafuka, wadda galibi Linux ce, sai hoton ya ɓace, domin a can babu fayil mai wancan sunan.

Doguwar hanya

Yanzu fayil 1,190 ne a filash. An soka shi a sabuwar kwamfuta, an ja folda zuwa fuskar allo, sai uku suka ƙi, da saƙon `Destination Path Too Long`.

Abin da ake aunawa a nan shi ne cikakken adireshin fayil, tun daga harafin faifai, bi ta kowace folda, har ƙarshen sunan. Tsohuwar iyakar Windows, wadda ake kira `MAX_PATH`, 260 ce, kuma ɗaya daga ciki alamar rufewa ce da ba a gani, saura 259. Kamar da yawa, amma dubi wannan:

```
E:\Ajiyar takardun makaranta\Zangon karatu na 2022 zuwa 2023\Sakamakon jarrabawar zango na uku\Aji shida na firamare\
```

Folda huɗu ne kawai, sun cinye 117, har da filaye da alamun rabawa, ba a ma kai ga fayil ba. A ƙara folda biyu ko uku da sunan takarda irin wanda ya ƙunshi sunan ɗalibi da darasi da kwanan wata, sai a tsinci kai a 245. A filash wannan yana cikin iyaka, domin `E:\` gurbi uku kawai ya ci. Amma fuskar allon sakatare adireshinta `C:\Users\Sakatare\Desktop\` ne, gurbi 26. An cire uku an sa ashirin da shida, 245 ya koma 268, ya zarce iyaka da tara. Babu abin da aka canja a fayil ɗin, mazauninsa ne kawai ya ƙara zurfi.

Wannan ne ya sa matsalar ke ruɗa mutane, domin fayil ɗaya ya yi aiki jiya a nan, yau ya ƙi a can, a kwamfuta ɗaya. Buɗe ƙunshin ZIP ma yakan jawo ta, tun da Windows na ƙirƙiro sabuwar folda da sunan ƙunshin, sau da yawa kuma a ciki akwai wata folda mai wannan sunan, sai dogon suna ya shiga lissafi sau biyu.

NTFS kansa zai iya ɗaukar adireshi mai gurbi sama da dubu talatin da biyu. Iyakar tana cikin tsofaffin hanyoyin da manhajoji ke bi su nemi fayil. Tun daga Windows 10 na 2016 akwai saitin `LongPathsEnabled` da ke ɗage ta, sai dai ba ya amfanar kowace manhaja, sai wadda masu ita suka gina ta da sanin hakan. Don haka mutum zai iya kunna saitin, wata manhaja ta kwafi fayil ɗin lafiya, wata kuma ta kasa buɗe shi. Hanya mafi sauƙi ita ce a kai kayan kusa da bakin faifai, a folda mai gajeren suna kamar `C:\Aj`, ko a gajarta sunan babbar folda ta sama, domin duk harafin da aka rage a can an rage shi ga duk fayilolin da ke ƙarƙashinta. Umarnin `robocopy` da ke zuwa tare da Windows ba ya tsayawa a 260, kuma idan ya gama yakan nuna nawa ya kwafa, nawa suka gaza:

```
robocopy E:\Ajiya C:\Aj /E
```

Linux ya fi sakin hannu a tsawon hanya, yana kai wa 4,096, amma yana da nasa tarkon a sunan fayil guda. Windows na ba suna gurbi 255 na haruffa. Linux ma 255 ne, sai dai shi bayit yake ƙirgawa, wato ƙwayar ma'aunin ajiya. Harafin boko na yau da kullum bayit ɗaya ne. Ƙ da ɗ da ɓ kowanne biyu ne, haka haruffan Larabci, haruffan Sinanci uku, yawancin 'yan fuskokin nan na waya kuma huɗu. Ke nan sunan karatu da aka rubuta da harafin Larabci 140 zai zauna lafiya a Windows, amma bayit 280 ne, Linux zai mayar da shi da `File name too long`. Masu tara wa'azi da karatuttukan da aka sauke daga intanet, inda taken bidiyo gaba ɗaya ke zama sunan fayil, su suka fi haɗuwa da wannan.

Haruffanmu masu lanƙwasa

An gano sha ukun nan. Amma da sakatare ya bi wata hanya, ya ƙunshe komai a ZIP ya aika, da wata matsalar ce za ta tarbe shi, kuma ita ta shafi mai rubuta Hausa kai tsaye.

A yau NTFS da APFS da exFAT duk suna ajiye suna da Unicode, babban jadawalin da ya ba kowane harafin duniya lambarsa, kuma kusan duk Linux na zamani yana rubuta sunaye da UTF-8, wadda hanya ce ta zuba waɗannan lambobi cikin bayit. Don haka `ƙasa.docx` na zama lafiya a dukkansu. Inda ake samun cikas shi ne a tsakani, wurin abin da ya ɗauko sunan. Tsarin ZIP an ƙirƙiro shi a 1989, lokacin da kwamfutocin DOS ke aiki da ƙaramin jadawali mai gurbi 256, wanda babu ƙ ko ɗ ko ɓ a cikinsa. Sai a 2006 aka ƙara masa wata alama da ke cewa sunayen da ke ciki UTF-8 ne. Idan manhajar da ta ƙunshe ba ta sa alamar ba, ko wadda ta buɗe ba ta duba ta ba, sai a karanta bayit biyun ƙ ɗaya bayan ɗaya a matsayin haruffa biyu na tsohon jadawali. A jadawalin DOS `ƙasa` ya fito `╞Öasa`. A tsohon jadawalin Windows na Yammacin Turai kuma ya fito `Æ™asa`, ɗ ta koma `É—`.

Wannan ɓacin yana da magani, domin lambobin suna nan, karatunsu ne aka yi ba daidai ba, sake buɗe ƙunshin da manhaja kamar 7-Zip sau da yawa yakan gyara. Wanda ba ya gyaruwa shi ne idan tsohuwar manhaja ta ga harafin da ba ta sani ba ta maye gurbinsa da alamar tambaya ko layin ƙasa tun wajen ƙunshewa. A nan `ƙasa` da `ɗasa` duka sun koma `_asa`, sun zama suna ɗaya, an dawo matsalar Musa.

Alamar da ke gaban 'yan da 'ya'ya ma tana da nata. Kibod na ba da miƙaƙƙiya, manhajar rubutu ko waya takan lanƙwasa ta da kanta, kuma a Unicode akwai wata ta uku da aka ware a matsayin harafi. A ido kusan ɗaya suke, a wurin kwamfuta lambobi uku ne mabambanta. Shi ya sa mutum ke neman fayil da sunan da yake kallo ƙuru-ƙuru a gabansa, akwatin nema ya ce babu.

Makamancin wannan, amma mafi zurfi, shi ne abin da ke faruwa da haruffa masu alama a ka, kuma mutanen Nijar da Kamaru da Cadi da ke rubuta takardun ofis da Faransanci sun fi kowa cin karo da shi. Unicode ya yarda a rubuta é ta hanya biyu: harafi guda dunƙulalle, ko kuma e zalla a biyo ta da alamar a matsayin wani abu daban. A allo babu bambanci. Windows da Linux yawanci dunƙulallen suke samarwa. Tsohon tsarin ajiya na Mac, HFS+ na 1998, yana warware kowane irin wannan harafi zuwa gida biyu kafin ya ajiye. APFS da ya gaje shi a 2017 yana ajiye yadda aka ba shi kuma yana ɗaukar biyun abu ɗaya, amma har yanzu fayilolin da suka fito daga Mac sukan zo da warwararren salon. NTFS da ext4 kuwa sunaye biyu suke gani. Sakamakon shi ne folda ɗaya ta ƙunshi `Tillabéri.pdf` guda biyu, harafi da harafi iri ɗaya a ido, ɗaya daga mai Mac ɗaya daga mai Windows, kowa yana gyara nasa yana zaton na kowa ne. Ana iya ganewa a Windows: a shiga canja suna, a tsaya bayan é a goge baya sau ɗaya. Idan alamar ce kawai ta tafi e ta tsaya, warwararre ne. Ƙ da ɗ da ɓ da ƴ ba su da wannan matsala, domin Unicode bai raba su da lanƙwasarsu ba. Amma masu sa wa Hausa alamar karin sauti a ƙamus da littattafan koyarwa tana shafarsu, haka wasu haruffan Larabci kamar alif mai hamza ko madda. A Linux akwai ƙaramar manhaja `convmv` da ke mayar da sunayen folda gaba ɗaya salo ɗaya.

A nan mutane kan ba da shawarar a daina sa ƙ da ɗ da ɓ a sunan fayil kwata-kwata. Ban yarda da ita haka a dunƙule ba. Tsarukan ajiyar nan duk suna ɗaukar haruffanmu, kuma takardar da za ta zauna a kwamfutarka ko ta bi filash zuwa wata ta zamani babu dalilin da zai sa a rubuta sunanta da gurguwar Hausa. Inda nake ganin a yi hattara shi ne kayan da za su bi hanyar da ba ka san ta ba: ƙunshin da za a aika wa ma'aikata, fayil da za a ɗora a shafin neman aiki ko na jarrabawa, waƙoƙin da za a saka a rediyon mota ko tsohuwar talabijin mai ramin filash. Irin waɗannan na'urori da shafuka ba ka da iko a kan yadda aka gina su. A can sunan ya tsaya a kan ƙananan baƙaƙen boko, lambobi, karan ɗori da layin ƙasa, cikakken taken da Hausarsa ingantacciya kuma ya zauna a cikin takardar, inda babu abin da zai taɓa shi.

Da sakataren makarantar nan zai sake aikin daga farko, a tsohuwar kwamfutar zai fara, kafin ya soka filash. Zai ƙirga ya rubuta 1,200 a takarda. Zai nemo sunayen da baƙi kawai ya raba ya bambanta su da wani abu na gaske, `musa-aji3.jpg` da `musa-2022.jpg`. Sannan ya nemo masu haramtattun alamomi da wannan umarni:

```
find . -name '*[:?*"<>|\\]*'
```

Muryoyin taro su koma irin `2023-03-12_taro_10-30.mp3`, salon da ke da ƙarin amfani tun da shekara a gaba tana jera fayiloli bisa kwanan wata da kansu. Doguwar folda ta sama ta koma `Ajiya`, zangon karatu ya koma `2022-23`, wanda hakan kaɗai ya rage gurbi 44 daga adireshin kowane fayil da ke ƙarƙashinsu, 268 ya sauko 224. Bayan kwafi ya sake ƙirgawa a filash, ya sake a sabuwar kwamfuta, ya buɗe wasu fayiloli daga folda mafi zurfi ya tabbatar suna buɗuwa. Tsohuwar kwamfutar kuma a bar ta yadda take har zango ya ƙare, domin akwai takardun da ba a nemansu sai lokacin jarrabawa.